Katin da Ba a Buga Ba

"Wannan ma ki cire shi!"

Malam ya sake jan layi da jan biro a kan takardar, 'Yar Tawada tana tsaye bakin injin buga kati tana kallonsa. Ko gezau ba ta yi ba.

Kalamai goma sha biyu ta tattaro kan yafiya don ta buga a kati, saboda zaman sulhun da za a yi gobe tsakanin Abbanta da yayansa Baffa. Ga shi Malam, dattijon da zai shiga tsakani, ya bar mata biyar kacal.

"Wannan a ina kika samo?"

"A waya, Malam. An ce wani masani ne ya faɗa."

"Wane masani? A wane littafi? 'Yata, maganar da ba a san mai ita ba, kada a jingina ta ga kowa. Ayar nan kuma kin gutsure ta, ki rubuta ta cikakkiya da fassararta."

Ya buga biron a kan na ƙarshe.

"Wannan ya fi duka haɗari. Duk maganar da ta ambaci wanda aka zalunta, ta riga ta ce akwai azzalumi a ɗakin. Wa ya ba ki?"

"Ɗiyar Gwaggo."

"Hmm!" kawai ya ce, ya ɗauki sandarsa ya fita.

A bayan injin wani ya ɗago kai, hannunsa duk baƙin mai. Injiniya ke nan, ɗan Baffa. Injin nan lafiyarsa ƙalau, amma tun da ta fara aiki a shagon kullum sai ya zo gyara shi.

"Sanyin idona... ki yi min murmushi ko ɗaya mana."

"Ya ƙare, Yaya."

"Murmushin?"

"Komai ma."

Gaskiya ta faɗa. Sau uku yana tura manya neman aurenta, sau uku Abba yana ba su ruwa ya sallame su. A karon farko ta yi kuka har idonta ya kumbura. A na biyu ta yi zazzaɓi. A na uku kuwa wanke-wanke ta ci gaba da yi, tun ranar ba ta ƙara jin komai ba, daɗi ko zafi.

"Idan zaman gobe ya watse, ka haƙura da ni," ta ce tana jera katin a ƙarƙashin wuƙar yanka takarda. "Ɗiyar Gwaggo tana sonka, kowa ya sani."

"Ni kuma ke nake so, wannan ma kowa ya sani!"

Ta danna wuƙar.

Asalin rigimar ba gado ba ne. Ranar da Kaka ta rasu Abba yana hanya, ya kira ya ce a jira shi. Baffa ya ga rana na yi, ya sa aka kai ta. Da Abba ya iso bai tarar da komai ba sai tabarmin gaisuwa, a gaban jama'a ya ce daga yau ba shi da ɗan'uwa. 'Yar Tawada tana firamare a lokacin.

Washegari falon Gwaggo ya cika maƙil. Abba a kujerar dama, Baffa a ta hagu, kowa ya ɗaure fuska tamau. Kulolin abinci suna jere a gefe, don Malam ya ce ba mai buɗe su sai an shirya.

Aka buɗe da addu'a. Malam ya shimfiɗa ƙa'ida: babba ne zai fara magana, ba katse juna, ba tonon abin da ba shi aka zo yi ba. Kafin nan za a karanta katin ɗaya bayan ɗaya, ko zukata sa yi laushi.

'Yar Tawada ta karanta na farko da na biyu, muryarta ba hawa ba sauka. Mata suka fara sharar ƙwalla, Baffa ma ya sunkuyar da kai.

Sai ɗiyar Gwaggo ta miƙe tana gyara mayafi, waya a hannu.

"Akwai wani mai daɗi da aka manta!"

Kafin Malam ya ɗaga hannu ta rangaɗa shi, idonta a kan Baffa: "Babba shi ne wanda ya yafe wa ƙaramin da ya zalunce shi."

Baffa ya gyara zama, ya yi gyaran murya.

"To, ni dai na yafe masa."

Abba ya zabura.

"Ka yafe min me? Ni na binne uwarka ba ka nan? Ai ni ne zan yafe, kuma na yafe!"

"Riƙe yafiyarka, ban roƙa ba!"

Falo ya kaure. Gwaggo tana salati, Malam yana buga sanda, ɗiyar Gwaggo ta koma ta zauna tana satar kallon Injiniya. Shi kuwa 'Yar Tawada yake kallo, idonsa jajur.

Ita katin hannunta take juyawa. Sai a lokacin ta lura: duka biyar ɗin koya wa mutum yadda zai yafe suke yi, babu ko ɗaya da ya ce a nemi yafiyar. Ta ba mutum biyu masu taurin kai abin da kowannensu zai yi wa ɗan'uwansa gori da shi.

Abba ya riga ya saka takalmi ɗaya.

Da tana jin tsoro kamar da, da bakinta bai buɗe ba. Amma yanzu me ya rage mata?

"Malam, saura guda ɗaya. Ban buga shi ba, na ga mai maganar ba masaniya ba ce."

"An san mai ita?"

"Mutum uku a ɗakin nan da kunnensu suka ji. Gwaggo ce ta ba ni labari. Maganar Kaka ce, idan 'ya'yanta sun yi faɗa."

Kowa ya juyo yana kallonta.

"Takan rufe kwano ta ce: wanda ya fara cewa yi haƙuri, shi zai fara cin abinci."

Gwaggo ta toshe baki da mayafi.

"Wallahi haka take cewa... su kuma su zauna har abincin ya huce, saboda baƙin taurin kai!"

Abba yana tsaye, ƙafa ɗaya da takalmi ɗaya babu. Ya daɗe yana kallon kulolin nan. Da ya buɗe baki, muryarsa ta koma ta ƙaramin yaro.

"Yaya... yunwa nake ji."

Baffa ya ɗago, Abba ya ci gaba.

"Yi haƙuri, Yaya. Maganar da na faɗa ranar nan..."

"A'a! Ni zan ce. Da na jira ka ko awa ɗaya ce. Kullum sai na tuna, ƙanena, kullum!"

Suka rungume juna suna kuka kamar ba su ne masu furfura ba. Malam ya sa aka shafa addu'a, ya ce a buɗe abinci. Ɗiyar Gwaggo ta ce kanta ke ciwo, ta shige ɗaki.

'Yar Tawada ta tattara katin ta fita tsakar gida. Ta tsaya tana jiran farin ciki ya zo, shiru. Injiniya ya biyo ta da faranti.

"Abbanki ya ce in gaya wa manya su dawo, wannan karon ba ruwa kaɗai za su sha ba."

"To."

"To kawai, rabin raina?"

"Yi haƙuri, Yaya. Na so in ji daɗi, na rasa ta inda zan fara."

Ya miƙa mata cokali.

"Ke kika fara cewa. Fara ci."

Ta kai loma ɗaya baki. Abincin ya huce sarai, amma tana haɗiyewa hawaye suka ɓalle mata.