Rubutun Ƙanwar Ango

"Goge shi, Mastura! Yanzu!"

Ƙasimu ne, saurayinta kuma yayan amarya, ya tare ta a ƙofar gidan biki a Agege yana huci.

"Haba masoyi, abeg, wasa ne fa..."

Ya karanto mata abin da ta sa a sitatus, ƙarƙashin hoton yayanta Sadisu da amaryarsa Mouna: "Sadisu Mai Kuka an samu mai rarrashi! Rahila ta gudu, Mouna ta ɗauki ragowa."

Takaici ya cika Mastura. Ƙanwar miji ce fa ita, tsokanar matar yaya ai haƙƙinta ne! Ta manta a tsakar gida ake wannan wasan, ba a wayar surukai ba.

Ta goge, amma ina! Rahila, tsohuwar budurwar Sadisu, ta riga ta ɗauki hoton rubutun ta watsa. Ya kai Maraɗi, garin su Mouna, kawun amarya ya bugo yana tambayar ko 'yarsu aka kira mai cin ragowa. Mouna ta kulle ɗaki, ta ce ba mai kai ta gidan miji.

"In Mouna ba ta fito ba," in ji Ƙasimu, "da wane ido zan kawo dangina neman aurenki?"

Mastura ta bi shi cikin gida.

Ta zauna a dandamalin ƙofar amarya tana rubuta sabon sitatus tana tsaki. Ta sa "yayana sarkin rowa", Ƙasimu ya girgiza kai. Ta sa "matarmu".

"Ba ta da suna ne?"

"Wai ni kam na shiga uku!"

Ta cire laƙabi, ta cire tsohon zance, ta mayar da "ni" ta koma "mu". Sai ta ɗaga murya ta karanta:

"Mu iyalan Malam Sunusi muna farin cikin auren ɗanmu Sadisu da Mouna Souleymane. Mouna, gidanmu ya yi sa'ar samunki. Mun gode wa iyayenmu na Maraɗi da suka ba mu amana. Allah Ya ba da zaman lafiya."

Ta ƙara da cewa, "Anti Mouna, ki yafe mini. Ba zan saka ba sai ke da Yaya kun yarda."

Sai ƙofa ta buɗe. Mouna ta karɓi wayar, kwalli duk ya ɓata mata fuska.

"Canza hoton. Mayafina ya zame a wannan."

Aka canza, aka tura wa Sadisu ya amince, sannan aka saka. Kawu da kansa ya amsa da amin.

Ƙasimu ya sassauta murya. "Saura namu, abar ƙaunata."

"Wa zai rubuta mana?" in ji Mastura.

Mouna ta gyara mayafi. "Ƙanwar ango mana. Ni ke nan."

Mastura ta dafe ƙirji. "Anti, don Allah... ki nuna mini kafin ki saka!"