Insulin a Cikin Firiza

Ikilima ta manne da labulen falo, tana leƙe.

Yau Jibrilla ya zo gaida mahaifinta, Baba Maishanu, gaisuwar da daga ita sai dai a ce ya turo manyansa, ko a ce ya haƙura.

Jiya ya kira ta a waya.

"Masoyiya, ɗan baffanki Mus'ab ya zo kemis ɗina a unguwar Sintali. Wai Baba ba ya son kalmar aro ko ɗaya, Hausar Zazzau zalla yake so. Ni da na tashi da Fillanci, Hausata ta kasuwa ce..."

"Mus'ab? Shi da Baba ya hana shi aurena bara? Don Allah ka yi maganarka yadda ka saba!"

Bai ji ba. Ga shi yanzu zaune a gaban Baba.

"Ina kake aiki, yaro?" in ji Baba. "An ce kemis gare ka."

"E, Baba, ɗakin sayar da magani."

"To. Ni kam ciwon suga ya sa ni gaba. Jiya ma ina asibiti."

"Allah ya sawwaƙe. Ciwon zaƙi ba daɗi. Me suka ce a... gidan jinya?"

Ikilima ta runtse ido. Wayyo Allah!

Baba ya ce, "Likita ya ce in riƙa ajiye maganin a firij."

"Gaskiya ne, Baba, a na'urar sanyi."

"Kai yaro!" Baba ya daki hannun kujera. "Na ce kemis, ka canza. Na ce suga, ka canza. Na ce asibiti, na ce firij, duk ka canza! Gyara mini magana ka zo yi a gidana?"

"Baba, wallahi ba haka..."

"Ikilima! Kawo mini allurata. Baƙonmu zai tafi."

Ta nufi wajen firij. Da Inna ce ke kula da maganin nan, ita ta san inda ake ajiye shi da lokacinsa. Wata huɗu ke nan da rasuwarta, har yanzu in Ikilima ta buɗe firij sai ta ga ƙaramin kwanon da Inna ke sa kwalbar a ciki. Babu komai a kwanon. Kwana goma da suka wuce Baba ya ce a mai da kwalbar sama, can ya fi riƙe sanyi in an ɗauke wuta.

Ta shigo da ita, hawaye na zuba. Jibrilla ya riga ya miƙe. Idonsa ya sauka kan ƙanƙarar da ke jikin kwalbar.

"Tsaya! Daga ina kika ɗauko wannan?"

"Daga sama..."

"Firiza? Innalillahi! Baba, kar ka yi allurar nan! Insulin ba ya shiga firiza. In ya daskare sau ɗaya ya lalace, ko ya narke ba ya aiki daidai. Firij daban, firiza daban. Nawa mitar suga ta nuna da safe?"

"Ɗari uku da wani abu," in ji Baba a hankali. "Sati guda ke nan ya ƙi sauka."

"Shi ya sa! Yanzu zan hau mashin in kawo sabo. Gobe mu koma wajen likita, a gaya masa abin da ya faru."

Baba ya dube shi.

"Firiza. Mita. Mashin. Ashe ka iya magana."

Jibrilla ya sunkuyar da kai. "An ce mini ba ka son kalmar aro."

"Wa ya ce?"

"Mus'ab ne, Baba," in ji Ikilima.

Baba ya yi tsaki.

"Abin da na tsana shi ne yaro ya zo mini ta'aziyya ya ce sori, alhali ga Allah ya jiƙanta a bakinsa. Mus'ab ɗin ma haka ya yi mini. Amma abin da ya zo da sunansa, sunansa ke nan. Mota, tebur, asibiti, da su na tashi. Da ka ce mini na'urar sanyi, sama kake nufi ko ƙasa? In babba ya kira abu da suna, da shi za ka amsa masa."

"Useko, Baba," in ji Jibrilla, godiyar ta kufce masa da Fillanci.

Baba ya yi dariya, irin wadda Ikilima ba ta ji ba tun rasuwar Inna.

"Je ka kawo maganin. Ka ce wa manyanka ina gida ranar Asabar."

Ikilima ta raka shi har zaure.

"Ɗakin sayar da magani..." ta ce, tana share ido.

"Haba, zuciyata, ki bari! Kwana na yi ina haddacewa."

Ya tada mashin. Ta jingina da bango, ta sauke ajiyar zuciya, sai a lokacin ta lura lalatacciyar kwalbar na hannunta, ƙanƙarar ta narke ta jiƙa mata mayafi.