Gajiyar da Aka Tambaya Sau Uku

A wani gari can da, an yi wata yarinya mai kunya, Ladidi. In ta gama gaisuwa sai magana ta ƙare mata, don haka ba mai zama da ita.

Ran nan ta je gaida Iya Kande, tsohuwa mai saƙar faifai.

"Ina kwana, Iya? Ina gajiya?"

"Ba gajiya."

Shiru. Ladidi ta sake gaisuwar daga farko. Shiru. Ta kuma sakewa.

Iya ta ce, "'Yar nan, gajiyar da kike ta tambaya, yanzu kam ta zo."

Ladidi ta sunkuyar da kai, idonta ya faɗa kan faifan.

"Iya, wa ya koya miki saƙa?"

"Kakata, mafaɗaciyar duniya!"

"Me kika yi mata?"

Iya ta ajiye faifai, ta gyara zama, ta shiga ba ta labari. Har azahar suna dariya.

Da Ladidi za ta tafi, Iya ta ce, "Gobe ki dawo. Amma gaisuwa ɗaya ta isa."