Hannun da Ya Ɓoye

Da idonta Bahijja ta gani ta gefen labulen zaure, ba labari aka ba ta ba.

Babanta, Goni Hamza, ya miƙa wa Abdulbaqi hannu, shi kuwa ya ƙi karɓa!

Tun daga waje ya tuɓe takalma, ya shigo a sunkuye. Yana ganin hannun nan sai ya zube gwiwa biyu nesa da buzun Goni, ya cusa hannayensa cikin riga, idonsa a kan tabarma.

"Allah gafarta Malam, an wuni lafiya?"

Goni ya ɗan dube shi, ya janye hannunsa ya mayar kan carbi.

"Lafiya lau."

Shi ke nan fa! Ba raha, ba tambayar kasuwa.

Kan Bahijja ya ɗaure tamau. Wata huɗu ke nan tana ganin gaisuwar mutanen nan biyu. Abdulbaqi ɗalibin Goni ne, yana ɗinkin jakar fata a Ƙofar Wambai. Kullum in Goni ya miƙo hannu, da hannu biyu yake tarba yana rusunawa, sannan ya dafa ƙirji. Yau kuma, kwana uku kacal da manyansa suka zo neman aurenta, ya bar hannun dattijo a iska?

Kada ku ga laifinta. Tun tana shekara biyar kawunta soja ya ɗauke ta, a barikin Ibadan ta girma. Can kuwa wanda ya ƙi karɓar hannunka faɗa yake nema, wanda ya ƙi kallon idonka marar gaskiya ne. Sai bana, da soja suka miƙa mulki aka yi wa kawun ritaya, ta dawo gidansu a unguwar Mandawari. Ta koyi durƙusa wa manya, ta daina miƙa wa maza hannu bayan ta sha kunya sau biyu. Amma wannan babu wanda ya koya mata.

Abin bai tsaya nan ba. Abdulbaqi ya nemi iso ya gaida Inna Mero, mahaifiyar Bahijja, wadda a da har tsokanarsa take yi. Ya durƙusa tun daga bakin rijiya. Inna ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta juya gefe, ta amsa can ƙasan maƙoshi, ta shige ɗaki.

Da zai fita ya gifta Bahijja, ko ɗago kai bai yi ba.

"Abdul..."

"Sai anjima," ya ce da ƙasa, ya wuce.

Ta faɗa ɗaki tana kuka. Hassana, 'yar baffanta, ta biyo ta da fuskar tausayi. Ita kuwa Hassana ta fi kowa sanin ma'anar abin, kuma ta daɗe tana haɗiyar yawu a kan Abdulbaqi.

"Hassana, me ke faruwa? Me na yi masa?"

"Hmm! Ni dai ba a bakina ba... Amma namijin da ya kasa haɗa ido da ke, ai kin san akwai magana."

"Ya fasa ne?"

"Ke kika faɗa."

Washegari da hantsi Alhaji Tanko, sabon kansila, ya zo. Shi ma ya taɓa aiko da maganar yana ciki. Mutanensa na waje suna dunƙule hannu suna masa jinjina, shi kuwa ya shigo zaure yana baza babbar riga. Tun kafin Goni ya motsa, kansila ya miƙa masa hannu ɗaya, ya girgiza, ido cikin ido. Goni ya karɓa da fara'a, har ya sa aka kawo masa ruwa.

Bahijja na bayan labule, jikinta ya yi sanyi. Wancan ya wulaƙanta Baba, Inna ta juya masa baya, wannan kuma ana dariya da shi. To me ya rage?

Ta ɗauko 'yar jakar fata ja da Abdulbaqi ya ɗinka mata da hannunsa, ta miƙa wa Hassana.

"Kai masa. Ki ce na gode."

Hassana ko mayafi ba ta gama yafawa ba ta fice.

Bayan azahar haƙurin Bahijja ya ƙare. Ta shiga turakar Goni, ta tarar da shi da kakarta 'Yardada. A tsaye ta yi magana, tana kallonsa, hawaye shaɓe-shaɓe.

"Baba, ka yi haƙuri da abin da Abdulbaqi ya yi maka. Na rabu da shi. Amma don Allah ni ba na son kansila!"

Goni ya saki baki.

"Me ya yi mini?"

"Ya ƙi karɓar hannunka..."

'Yardada ta tuntsire da dariya har da tafa cinya.

"La'ilaha illallahu! 'Yar bariki, fara zama tukuna, kin tsaya wa uba a ka kamar falwaya!"

Bahijja ta durƙusa, 'Yardada ta ci gaba.

"Ke, wa ya taɓa ganin suruki ya kama hannun surukinsa? Jiya ɗalibi ne, yau kuwa 'yar mutum yake nema. Ubanki ma shekara ashirin bai yarda sun haɗa ido da kakanki na wajen uwa ba."

Goni ya yi gyaran murya, ya kau da kai.

"Da gangan na miƙa," ya ce. "Da ya karɓa, da na ce yaron bai san nauyin abin da ya zo nema ba."

"To Inna fa? Ta rufe fuska!"

"Kunyar suruki ce. Ranar da uwarki ta daina wasa da saurayi, ranar ta karɓe shi."

"Kansila kuma..."

"Baƙo ne, an yi masa tarbar baƙo. Ya sha ruwa ya tafi."

Bahijja ta dafe ƙirji.

"Wayyo Allah, jakata!"

Da 'Yardada ta ji labari sai dariyar ta ɗauke. Ta zari sandarta.

"Hassana ce ta kai? Bar ni da munafuka. Ke kuma yi ta addu'a ya dawo, don yaron nan zuciya gare shi."

Kwana biyu bai zo ba. Ko darasi bai leƙo ba. Bahijja ta kasa cin abinci, da ta ji sallama a zaure sai gabanta ya faɗi. 'Yardada da kanta ta taka har rumfarsa.

A rana ta uku bayan la'asar aka ce yana soron ciki.

Yana zaune, jakar a cinyarsa, fuska ba walwala. Bahijja da ta saba shigowa kai tsaye ta zauna tana kallonsa, yau a bakin ƙofa ta zame takalma, ta durƙusa.

"Ina wuni?"

"Lafiya. An ce kin gode."

"Na ɗauka raina Baba ka yi... Ni ma ka ƙi kallona."

"A tsakar gidanku, Inna na jin mu? Bahijja, wallahi ranar kunya ce ta rufe ni. Hannun Malam da na saba kamawa, na ji ya fi ƙarfina, saboda ke. Na fita ina murna ya janye, sai ga jaka."

Hawayenta ya ɗiga a kan tabarma.

"Ka yafe mini, masoyina. Ban sani ba."

Ya turo jakar gabanta a hankali.

"Nan babu Malam, babu Inna. Ɗago ki dube ni, 'yar bariki. Wannan kallon naki na ido cikin ido shi ya fara kama ni."

Ta yunƙura za ta ɗago. Ikon Allah, wuya ya ƙi! Wani nauyi da ba ta taɓa ji ba ya sauko mata, fuskarta ta ɗau zafi, ta ja mayafi ta rufe.

"Na kasa..."

"Kin kasa?"

"Wallahi na kasa, Abdul!"

Ya yi dariya har da share ido.

"To yanzu kin san abin da ya same ni."

Bayan sallar layya aka ɗaura aure a zauren Goni. Ɗaruruwan mutane suka yi musafaha da uban amarya, har da kansila. Mutum ɗaya ne bai samu hannunsa ba, yana can lungu durƙushe, kai a ƙasa. Bahijja ta hango shi ta gefen labule, ta rungume jakarta tana murmushi.