Rubutun Fensir a Fofigar Kellu

Har yau in Ajimi ya bi ta Baga Road ƙamshin banda ya buge shi, Kellu yake tunawa, durƙushe a gaban asambile da hannuwa sama, farin hijabinta ya jiƙe da hawaye. Allah sarki marainiya! Ita da ke zuwa aji da ƙaurin kifi a jikinta, don sai ta taya gwaggonta jera kaya a kasuwa kafin ta taho, ita ce aka kira ɓarauniyar amsa a gaban makaranta duka.

"Wallahi Malam ban rubuta ba... Ku duba, ba hannuna ba ne!"

"Sunan wa ke kan littafin?" in ji shugaban makaranta.

Sunanta ne. A jarrabawar gwaji ta lissafi, wadda sai an ci ta ake yi wa ɗalibi rajistar ta fita, ana barin kowa ya shiga da fofiga, ɗan littafin nan na jadawalin lambobi. A cikin nata aka samu fomuloli da fensir, ƙanana kamar tururuwa, an matse su tsakanin layuka. Aka soke takardarta, aka cire sunanta daga rajista. Gwaggo ta zo daga Umarari, ta mare ta a bakin get, ta ce bokon ya ƙare, gobe kasuwa.

Ajimi kuwa ya gani. Kujerarsa na bayan ta Kellu da ta abokinsa Gana. Gana ne ya ari fofigar kwana biyu kafin nan, ya ba ta tasa a bakin ƙofa ya ce duk ɗaya ne. Da mai sa ido ya fara bi layi layi yana buɗe littattafai, Gana ya musanya su cikin ƙiftawar ido, tana duƙe kan lissafinta.

To amma Gana ne fa! Tare suka taso a lungun Yerwa, kwano ɗaya, keke ɗaya, bulalar malami ɗaya. Shekarar da ruwa ya ci gari, Gana ne ya goya mahaifiyar Ajimi a baya, ruwa har ƙirji.

"Kai, mutumina, ka ga wani abu ne?" Gana ya tambaye shi a gindin dalbejiya.

"Na gani."

"To ba ka gani ba. Ita kifi zai riƙe ta. Ni Baba yanka ni zai yi."

Mako uku Ajimi bai ce uffan ba. Ran nan aka aike shi sayen banda, ya tarar da ita tana korar ƙuda, tsohon littafin lissafi buɗe a cinyarta. Ta yi masa murmushi. "Ajimi, kun kai ina a darasi? Ni na bar wa Allah... Shi ya gani." Ya dawo gida bai iya cin tuwon ba.

Da Malam Yoila ya ba su insha'i a kan ranar da ba za su manta ba, Ajimi ya cika shafi huɗu. "Abokina ya ceci uwata," ya rubuta, "in na yi magana na ci amanarsa. In na yi shiru, kullum da safe ni nake sake durƙusar da ita. Na auna, na sake aunawa. Alherin da ya yi mini ni ya yi wa, ba zan rama masa da rayuwar wata ba. Kada a yarda da bakina. A fofigar an rubuta *a* a ƙasan fomular kwadiratik maimakon *2a*. A duba takardar wa ke da wannan kuskuren."

Malam Yoila ya karanta, ya cire tabarau ya share ido. Aka fito da takardu daga kabad. Kellu ta sa *2a*, amsarta daidai. Gana ya kwafe kuskurensa har sau biyu, da irin bakwai ɗinsa mai sanda a ciki, sak irin na rubutun fofigar.

Aka kori Gana. Shugaban makaranta da kansa ya je Umarari ya ba da haƙuri, gwaggo ta rungume Kellu tana kuka, "Yafe mini 'yata, yafe mini!" Kwana biyu ya rage a rufe rajista aka mayar da sunanta. Da sakamako ya fito, ita ce ta ɗaya a lissafi.

Gana bai sake yi wa Ajimi magana ba. In sun haɗu a Yerwa sai ya tsallaka titi. Mahaifiyar Ajimi har yanzu takan tambaya, "Ina ɗana Gana, ya daina zuwa?" Ajimi yakan ce yana nan lafiya, ya tashi ya fita.