Rabin Hoto

Aina'u na tsakar gida tana ɓarzar masara wayarta ta yi ƙara. Rukayya ce, aminiyarta tun firamare, wadda yau kwana huɗu ba sa ga-maciji. Gwaggo Hure, ƙanwar Baba, ita ta kawo labarin ta ga Naziru ya goyo Rukayya a babur daga kasuwar Bagwai. Naziru kuwa saura wata biyu a ɗaura masa aure da Aina'u. Ranar Aina'u ta tare Rukayya a bakin rijiya ta kira ta maciya amana a gaban mutane.

Saƙon layi biyu ne, ko sallama babu: "Ga sikirinshot nan, ki karanta. Daga yau kowa ya kama gabansa."

Hoton ya zo dishi-dishi, sai da ta danna datarta ta ja shi da ƙyar. Hirar Naziru da Rukayya ce. Idonta ya sauka kan layukan tsakiya: "Ke kaɗai zan iya faɗa wa. Don Allah kada Aina'u ta sani."

"Inna lillahi! Ke kaɗai? Ni kuma fa, kara ce aka kafa a gona?"

Gwaggo Hure ta taso daga tabarma ta leƙa. "Ahaf! Ba na faɗa ba? Har da turo miki don ki ƙone! Yaya, fito ka gani!"

Baba ya fito, aka karanta masa. Ya ce, "Shi ke nan. Gobe a mayar musu da kayan sa-ranarsu, 'yata ba ta rasa manema ba."

Aina'u ta shige ɗaki tana kuka. Kishi fa ba ƙarya ba ne! Sai hango hannun Rukayya take a kafaɗar Naziru, cikin mayafin nan ruwan toka da ita da kanta ta zaɓa mata. Ta fara buga amsa: "Munafuka, tun yaushe..." Ta ƙudura sai ta jero mata kalamansa ɗaya bayan ɗaya, don haka ta danna hoton ta kwafo su daidai.

Sai ya buɗe, dogo, ya cika fuskar waya. Ashe ɗazu tsakiyarsa kawai ta gani, sama da ƙasa a ɓoye suke!

Can sama, inda sunan mai lamba yake, an rubuta "Angon Aina'una". Farin saƙo na hagu na Naziru ne, kore na dama na Rukayya, tunda a wayarta aka ɗauka. Kwanan watan kuwa jajiberin ranar kasuwa ne. Ta ja hoton da yatsu biyu ya girma.

Naziru ya rubuta: "Gwaggonsu Hure ta je ta ce wa Innata wai Aina'u tana farfaɗiya, gara in nemi 'yarta Fanta. Inna ta ce a fasa." Ƙarƙashinsa ne layukan da suka ƙona ta. Sai saƙon murya, ta yi ta dannawa kafin ta tuna hoto ba ya magana. A ƙasa koren Rukayya: "Ƙarya ne wallahi, tare muka tashi. Gobe in an tashi kasuwa ka kai ni wurin Inna, ni zan rantse mata."

Ta goge zagin, ta rubuta "Rukayya", ta tura. Alama ɗaya ta fito, hoton Rukayya ma ya ɓace. An yi bulokin ɗinta.

Ta yago takarda daga tsohon littafinta:

"Assalamu alaikum Rukayya. Na karanta, amma sai da na fara karanta rabi, kamar yadda na saba. Ba zan yi miki ƙarya ba, har yanzu in na tuna ke ya faɗa wa damuwarsa ba ni ba, ƙirjina zafi yake. Da hawan babur ɗin ma. Amma mutuncina kika je karewa, ni kuma na zubar da naki a bakin rijiya. A can na zage ki, a can zan ba ki haƙuri, gaban kowa. Ki yafe mini. Taki, Aina'u."

Ta fito ta karanta wa Baba hoton daga sama har ƙasa. Ya juya ya dubi ƙanwarsa. "Hure, 'yar cikina?" Gwaggo ta hau laluben takalmi, ta fice ba sallama. Baba ya ce kaya suna nan inda suke.

Aina'u ta ratsa gonakin dawa har gidan su Rukayya, ta miƙa takardar da hannunta. Rukayya ta karanta a tsaye, fuska a murtuke, ta juya bayan takardar.

"Me kike nema?" Aina'u ta tambaya.

"Dubawa nake ko da saura. Ni ba na karanta rabi."

Dariya ta ƙwace musu, hawaye na zuba. Haƙurin Rukayya ya ceci aure, ya ceci zumunci. Wanda duk kishi ya rufe wa ido, to ya daure ya karanta magana har ƙarshenta kafin ya ba da amsa.

Ranar biki Rukayya ce babbar ƙawa, amma a mota Aina'u ta sa aka kai ta, ba a babur ba.