Sauran 'Yan Gida

Musaddiq ya toshe lambar Abdulmuhaimin a waya, ya toshe shi a duk dandalin da ake hira, har hanyar garinsu Sandamu ya daina bi. Imel ne kawai ya manta, domin shi a saninsa hukumar makaranta ce kaɗai ke damun mutum ta nan.

Ranar Asabar da hantsi yana zaune a tsakar gidansu a Daura yana duba takardun lissafin ɗalibai, wayar ta yi ƙara. Kan saƙon kalma biyu ne: *Sanarwar rasuwa.*

*Musaddiq, Allah ya yi wa Baba rasuwa jiya bayan Asuba, an yi jana'iza da safe. Muna roƙon duk wanda ya saɓa wa ya yafe masa. Abdulmuhaimin.*

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un..."

Yayarsa Murja ta ɗago daga tsintar shinkafa. "Wa ya rasu?"

"Alhaji Ɗantsoho."

"Allah ya jiƙan Musulmi." Ta ci gaba da tsintarta.

Alhaji Ɗantsoho dillalin shanu ne, uban amininsa Abdulmuhaimin, kuma uban Khairunnisa. Bara waccan kawunnan Musaddiq suka sa manyan riguna suka je neman aurenta. Alhaji ya bar su a zaure har rana ta take, sannan ya leƙo ya ce shi 'yarsa ba ta shiga gidan da uwar miji ke dama fura a bakin kasuwa, kuma yaron kada ya ƙara taka masa ƙofa. Daga ranar abota ta mutu. Soyayyar ce ta ƙi mutuwa, ta koma zaman kurame.

Ya danna wurin amsawa.

"Me kake yi?"

"Gaisuwa zan mayar, Yaya."

"Gaisuwa! Mutumin da ya zagi Inna?"

"Ya mutu fa..."

"Zagin ma ya mutu? An binne su tare?"

Ya duba layin waɗanda aka aika wa, kada ya amsa wa taron jama'a bai sani ba. Sunansa ne kaɗai a wurin. Ya fara rubutu: *Abdul, ya aiki, ya kwana biyu...* Ya tsaya. Ba a tambayar wanda ya binne ubansa jiya aiki. Ya goge. Ya rubuta *Ya haƙuri?* Wayar, da ba ta jin Hausa, ta mayar masa da kalmar wani abu daban. Ya gyara, ta sake canzawa, sai da ya shiga ya kashe mata karambaninta.

Murja ta aje tiren, ta zo ta tsaya a kansa.

"Karanta in ji."

"Allah ya jikan Baba..."

"Uban wa?"

"Haka na saba kiransa tun muna firamare."

"Shi kuma ya kira ka ɗan mai fura. Rubuta *mahaifinka*. Kuma malamin makaranta guda, *jikan* ka rubuta, ba *jiƙan* ba. Jika kake roƙa masa?"

Ya danne harafin har mai lanƙwasa ya fito. *Baba* kuwa ya bar shi yadda yake.

Ya rubuta *Me ya same shi?* ya goge, tunda wanda bai je dubiya ba ba ya tambayar ciwo. Ya rubuta *Wallahi na kasa cin abinci*, ya kalli kwanon ƙosai da ya share, ya goge. Ya fara *Game da abin da ya faru tsakaninmu*, nan ma ya goge, saƙon ba na wankin kansa ba ne.

"Ka faɗi alherinsa mana," in ji Murja. "Ai haka ake yi. Ina jira. In ka samo guda ɗaya zan ba ka kazata."

Ya daɗe yana kallon bango. Sai ya tuna wata ranar kasuwa a Mai'aduwa, suna yara, da takalminsa ya tsinke. Alhaji ya ɗora shi a kafaɗa ya ratsa da shi cikin kara, wajen cinikin dabbobi, yana yi wa shanu tsawa su ba Malam hanya. Ya rubuta shi a layi ɗaya. Idonsa ya yi zafi, ya ɗora laifin a kan hasken waya.

Saura abin da aka roƙa.

"Kada ka soma," Murja ta ce, muryarta ta sauka. "Na ga yatsanka. Yafiyar nan ba taka ba ce kai kaɗai. Ni na ga Inna ranar, ta zauna gaban ƙwarya ta kasa damawa. Kai kana ɗaki kana kukan budurwa."

"Sun roƙa, Yaya. In na tsallake layin nan, kamar na ce ban yafe ba ne."

"To ka yafe ɗin?"

Ya mayar da ido kan wayar.

"Ka rubuta abin da kowa ke faɗa mana: bai yi mini komai ba. Ka yi ƙarya a kan gawa, ka samu mata."

"Ba don ita nake yi ba!"

"Rantse."

Bai rantse ba. Ya rubuta abin da zai iya tsayawa a kai, ya goge dogon sunan makaranta da muƙaminsa da wayar ke liƙawa a ƙasan kowane saƙo, ya karanta a bayyane:

*Assalamu alaikum Abdul. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ya haƙuri? Allah ya jiƙan Baba, ya gafarta masa, ya sa Aljanna ce makomarsa. Ban manta ranar da ya ɗauke ni a kafaɗa a Mai'aduwa ba. Abin da ke tsakanina da shi na yafe. Ka gaishe mini da Mama da sauran 'yan gida, Allah ya ba ku haƙuri. Ba sai ka amsa ba. Musaddiq.*

"Ka tura wannan, ka zubar da mutuncin gidan nan," in ji Murja.

Ya tura. Ta ɗauke tirenta ta shige kicin, ta bugo ƙofar.

Bai gama duba takarda biyu ba wata baƙuwar lamba ta kira.

"Malam Musaddiq?"

Biron ya faɗi daga hannunsa. Muryar ta dashe, amma ko a cikin kasuwa zai gane ta.

"Nisa... ya haƙuri? Ya muka ji da..."

"Riƙe gaisuwarka. Ka yafe masa? Kai ne ka yafe wa Babana?"

"Ku kuka roƙa..."

"Kowa ya zo cewa yake bai yi masa komai ba, in ma ya yi ya yafe. Har waɗanda suka yi shari'a da shi haka suke faɗa! Kai ne mai gaskiyar gari? Sai ka tuna mana ya yi laifi, ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba?"

"Kin fi son in yi miki ƙarya?"

"Eh! Yau ɗaya dai, eh!"

Ya miƙe tsaye. "To ya yi, Khairunnisa. Ya yi! Ya wulaƙanta kawunnaina, ya zagi uwata, ke kuma kina bayan labule ba ki ce uffan ba!"

"In ce me? In fito zaure in yi wa ubana rashin kunya don ka ji daɗi? Kai me ka yi? Ka toshe Yaya, ka toshe ni, ka bar ni da Baba ina ta lallashi ni kaɗai!"

"Lallashi?"

"Wa kake tsammani ya zauna da shi a asibiti yana ambaton sunanka har ya daina juya baya?" Ta ja numfashi, kuka ya ƙwace mata. "Kuma wai *sauran 'yan gida*... Ni ce sauran 'yan gida? Da ni da awaki?"

"Nisa, in na rubuta sunanki a saƙon ta'aziyya, cewa za a yi ina jiran mutuwarsa ne."

"*Ba sai ka amsa ba.* Wato ka rufe ƙofa ke nan."

"Don kada in ɗora masa nauyi ne! Mai makoki ba ya..."

"Daga Daura zuwa Sandamu tafiyar Makka ce? Mutanen Kano sun zo, na Zango sun zo a ƙafa da babur, kai kana zaune kana danna waya!"

"Ya ce kada in ƙara taka masa ƙofa."

Can ta ce a hankali, "Mai ƙofar ya tafi, Yaya Musaddiq. Ba wanda zai kore ka... ba wanda zai ƙara yi mini faɗa ma."

Duk abin da ya tanada na faɗa ya zube.

"Nisata, ki daina kuka. Don Allah. Murja ce ta... saboda Inna..."

"Wace Innar? Ga ta can ɗakin Mama tun safe. Da ƙwaryar fura ta zo, masu gaisuwa sun shanye."

Ta kashe wayar.

Ya juya, ya ga Murja a bakin kicin, ludayi a hannu. Ta ji komai, don wayarsa irin wadda ke yi wa unguwa shela ce.

"Inna ce mini ta yi awon hawan jini za ta," ta faɗa, fuskarta a ɗaure. Ta shiga ɗaki, ta fito da hijabi. "Tada babur. Ba don su zan je ba, Inna zan ɗauko. Kuma ko ruwansu ba zan sha ba."

"Kazar fa?"

"Ka yi mini shiru."

A Sandamu an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan, maza zaune jere a inuwar rumfa. Murja ta wuce cikin gida ba ta kalli kowa ba. Musaddiq ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, aka yi addu'a aka shafa. Abdulmuhaimin ya rame, idonsa ja. Ya daɗe yana kallonsa.

"Sai yau?"

"Sai yau. Ya haƙuri, Abdul?"

"Haƙuri sai ma'aiki." Ya miƙo hannu, ya riƙe na Musaddiq bai saki ba. Ya matsa masa wuri kusa da shi, wurin da 'yan gida ke zama. "Wa ya gaya maka?"

"Saƙonka na gani. Na ma amsa."

"Wane saƙo?"

"Imel ɗin da ka turo."

Abdulmuhaimin ya lalubi aljihun rigarsa, na dama da na hagu.

Wayarsa tana cikin gida tun jiya, a hannun Khairunnisa.